Garin ɗanwake da kuɗin talla: littafin lissafinmu daga Satumba zuwa Nuwamba

Litinin, 1 ga Satumba

Yayata tana haɗa garin ɗanwake a gida a Badarawa, tana zubawa a leda mai kilo ɗaya, kowace leda N2,500. Har yanzu masu saye duk na kusa ne: maƙwabta, ƙawayenta na wurin aiki, da waɗanda suka ji daga bakin wasu. Tana so ta fara biyan kuɗin talla a Facebook da Instagram domin mutane su riƙa shigowa ta WhatsApp. Ni ke riƙe mata littafi, don haka na ce kafin a ba Meta, kamfanin da ke da Facebook da Instagram, ko sisi sai mun san nawa ke saura a hannunmu idan leda ɗaya ta fita.

Mun zauna da rasit da takardar cefane muka bi komai ɗaya bayan ɗaya. Wake da alabo da kuka, a farashin da muka saro a Kasuwar Bacci, suna cin N1,500 a kowace leda. Niƙa da tankaɗe da haƙƙin matan da ke taya ta tsince wake, N180. Ledar da sitika N170. Kuɗin keken ɗauko kaya da wutar injin liƙe leda N70. Na ƙara N30 na ɓarna, domin ko yaushe akwai garin da ke maƙalewa a injin niƙa, akwai kuma ledar da ke fashewa wajen liƙewa. Jimla N1,950. Abin da ya rage N550, wato kashi 22 cikin ɗari na farashi.

Amma wannan N550 ɗin na wanda ya zo ƙofar gida ya karɓa ne. Wanda talla ta kawo sai an kai masa. Ɗan aikenmu yana karɓar N1,300 a yawancin unguwanni, Yaya kuma ba ta son ta ce wa kwastoma ya biya fiye da N1,000, saboda da ya ji kuɗin kai kaya ya haura rabin kuɗin garin sai ya janye. Ke nan mu ke cika N300 a kowace oda. Mai sayen leda ɗaya tak, N250 kawai yake bar mana.

Yaya ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, “Auta, yanzu duk wannan wahalar ɗari biyu da hamsin ce?” Na ce a kan mai leda ɗaya, eh. Daga cikin wannan kuma za a biya talla.

Laraba, 3 ga Satumba

Talla ta tashi yau. N3,000 a rana, har kwana 10, ga mata da maza a cikin garin Kaduna. Gajeren bidiyo ne na hannun Yaya tana jefa ɗanwake a tafasasshen ruwa, sai faranti da mai da yaji da yankakken ƙwai. Ba mu sa farashi a ciki ba.

Na ja layi huɗu a littafi: ranar da mutum ya fara magana, sabo ne ko tsoho, leda nawa ya saya, da unguwar da aka kai masa. Saƙon da ya shigo ta talla yana zuwa da ɗan hoton tallar a samansa, don haka ba wuya a gane shi. A WhatsApp Business kuma muna liƙa masa alamar New customer, idan ya biya a mayar da ita Paid.

Talata, 16 ga Satumba

Talla ta tsaya ranar Juma'a, na jira ƴan kwanaki saboda masu cewa “zan turo anjima” su gama turowa. Yau na rufe lissafi.

Ads Manager, shafin Meta da ake sarrafa talla a kansa, ya nuna Amount spent, wato kuɗin da aka kashe, N30,000. Abin da ya fita daga asusunmu ya fi haka, domin Meta na ɗora harajin VAT na kashi 7.5 a kan tallan ƴan Najeriya, kuma a rasit ake ganinsa, ba a wancan layin ba. Haraji N2,250 ne, gaskiyar kuɗin talla ke nan N32,250. Mutum 215 suka turo saƙo, kowane saƙo ya tsaya mana a N150.

Cikin 215 ɗin, 30 suka biya. Na bi lambobinsu da tsohon littafin Yaya, sai na samu biyar kwastomominta ne tun bara. Sun ga tallar sun latsa don ta fi sauƙi, amma da talla da babu talla za su saya idan garinsu ya ƙare. Na cire su. Yaya ta yi gardama a nan, ta ce ai tallar ce ta tuna musu. Tana iya yiwuwa, amma tambayar da muke son amsa ita ce nawa muke kashewa mu samo mutumin da ba mu da shi a da. Idan aka bar su a ciki, kuɗin samo kwastoma zai nuna N1,075, ya yi kyau a ido alhali ba haka yake ba. Sababbi 25 ne, ga kuɗin samo kowannensu, wanda ake kira CAC:

```
CAC = kuɗin talla / sababbin kwastomomi
    = 32,250 / 25 = 1,290
```

Waɗannan 25 sun sayi leda 40, cinikin N100,000 cif. Tunda ta WhatsApp ake ciniki kuma ta banki ake biya, Meta ba ta ganin kuɗin da ya shigo, layin ROAS, mai nuna cinikin da kowace nairar talla ta jawo, babu komai a kansa a allo. Da hannu na yi:

```
ROAS = ciniki / kuɗin talla
     = 100,000 / 32,250 = 3.1
```

Kowace naira ta talla ta jawo cinikin naira uku da ɗoriya. Duk wanda ya ji wannan zai ce a ƙara kuɗi, Yaya ma haka ta ce. Sai dai N100,000 ɗin nan ba namu ba ne. Kaso mafi tsoka na mai wake ne da mai niƙa da mai leda. Namu shi ne leda 40 sau N550, wato N22,000, a cire N300 na cikon ɗan aike sau 25, wato N7,500. Saura N14,500. Mun kashe N32,250 mun samu N14,500. Faɗuwa N17,750.

A kan mutum ɗaya abin ya fi fitowa fili. Mun biya N1,290 muka samo shi, ya bar mana N580 a odarsa ta farko, giɓin N710 ke nan a kan kowane kai.

To ROAS nawa ne zai sa mu tashi ba riba ba faɗuwa? Ana samunsa ta raba ɗaya da kason da ke saura mana a ciniki. Namu N14,500 cikin N100,000 ne, kashi 14.5:

```
ROAS na mayar da uwa = 1 / 0.145 = 6.9
```

Sai kowace nairar talla ta kawo kusan naira bakwai kafin mu mayar da kuɗin tallar kawai. Mai sayar da turare da ke cin rabin farashi riba, shi a 2 yake mayar da kuɗinsa, 3.1 kuwa babbar nasara ce a wurinsa. Lambar ɗaya ce, amma a kan garin ɗanwake asara ce. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ji masu koyar da talla suna cewa uku ko huɗu “ya yi”, ba tare da sun tambayi mutum me yake sayarwa ba. Mata da yawa a garin nan suna sayar da kayan abinci da riba ƙanƙanuwa irin tamu, kuma da irin wannan magana jarinsu ke zurarewa suna murnar oda ta yi yawa.

Asabar, 20 ga Satumba

Hanya biyu ce a gabanmu: ko kuɗin samo mutum ya sauko ƙasa da N580, ko abin da yake bari a oda ya hau sama da N1,290. Ta farko ba ta hannunmu sosai. Ko da saƙo ya koma N100, in dai mutum ɗaya cikin takwas ko tara ne ke saye, kwastoma zai tsaya kusan N860, har yanzu sama da N580. Ta biyun ce muke iya taɓawa.

Yaya ta kawo shawarar leda uku a N7,200, ragin N300. Na buga: ribar leda uku N1,650, a cire ragi N300, a cire cikon ɗan aike N300, saura N1,050. Ya fi N580, amma kason bai motsa ba, kashi 14.6 ne. Ragin da kwastoma zai gani ɗan kaɗan, kashi 4 na farashi, a wurinmu ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na ribar ledojin. A kaya mai ƙaramar riba, kafin a yi ragi a auna shi da riba tukuna, a bar batun farashi.

Abin da muka tsaya a kai shi ne haɗi. Yaya tana daka yajin ɗanwake mai ƙuli-ƙuli da citta da masoro, kwalba ɗaya tana cin N600 ta sayar N1,200. Wanda zai ci ɗanwake dama yana buƙatar yaji. Leda uku da kwalba ɗaya, N8,700 ba ragi. Namu a ciki N1,650 da N600, a cire N300, saura N1,950. Kashi 22.4 ke nan, ROAS na mayar da uwa ya sauko daga 6.9 zuwa kusan 4.5.

Mun kuma sauya abu biyu a tallar. Na farko, farashi zai fito ɓaro-ɓaro a kan bidiyon. Na karanta saƙonnin wancan zagayen, da yawansu kalma biyu ce, “nawa ne”, a faɗa musu, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarsu, alhali kowannensu N150 muka biya. Na biyu, mun taƙaita yankin zuwa inda ɗan aike ke zuwa a N1,300: Kawo, Unguwar Dosa, Malali, Unguwar Rimi, Unguwar Sarki, Tudun Wada. Na tambaye shi batun Barnawa da Sabo, ya ce, “Oga, in zan tsallaka gada gaskiya sai an ƙara, mai ba ya ɗaga ƙafa.” Mafi ƙarancin oda ta talla yanzu leda biyu.

Litinin, 6 ga Oktoba

Zagaye na biyu ya gudana daga 22 ga Satumba zuwa 1 ga Oktoba, kuɗi ɗaya da na farko, N32,250 har da haraji.

Kwanakin farko hankalin Yaya ya tashi, domin waya ta yi shiru idan aka kwatanta da da. Saƙonni 129 kawai suka shigo, kowanne ya tsaya a N250. Sababbin da suka biya 20 ne, kuɗin samo kowanne N1,613. Idan allon Ads Manager kaɗai mutum ya duba, komai ya lalace: saƙo ya yi tsada, kwastoma ya yi tsada, adadi ya ragu.

Littafi kuma wani abu daban ya nuna. Mutum 13 sun ɗauki haɗin N8,700, bakwai sun ɗauki leda bibbiyu a N5,000. Ciniki N148,100, ROAS 4.6. Abin da ya rage mana: 13 sau N1,950 ya ba da N25,350, bakwai sau N800 ya ba da N5,600, jimla N30,950. A cire daga N32,250, faɗuwa N1,300 kacal, inda a zagayen farko ta kai N17,750. Da wannan cakuɗin na haɗi da leda biyu, ROAS ɗin da muke buƙata 4.8 ne, muna 4.6. Da mutum ɗaya mai ɗaukar haɗi ya ƙaru da mun tsallake.

Kwastoman N1,613 ya fi mana na N1,290, domin na yanzu yana barin kimanin N1,550 a odar farko, na da kuwa N580. Tsadar kwastoma ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an ajiye ta kusa da abin da ya bari. Akwai kuma sauƙin da lissafi bai ɗauka ba: ƙanwar mijin Yaya da ke taya amsa saƙonni ta daina kwana tana rubuta farashi ga mutanen da ba su da niyya.

Mutum 20 ba su da yawa, biyu ko uku za su iya juya sakamakon ko ta wane ɓangare. Don haka na rubuta a gefe cewa mun zo daidai wuya, ban rubuta mun ci ba.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Mun gwada ninka kuɗi don mu ga ko kasuwar za ta ɗauka. N6,000 a rana, daga 9 zuwa 15 ga wata, bidiyo ɗaya, unguwanni ɗaya. Har da haraji N45,150. Sababbi 21, kowanne N2,150. Da N1,550 da suke bari, faɗuwar kusan N600 ce a kan kowa.

Matsakaicin N2,150 ma yana ɓoye wani abu. A N3,000 a rana muna samun mutum biyu kullum, wato mako guda zai ci N22,575 ya kawo 14. Ƙarin N22,575 da muka zuba mutum bakwai kawai ya ƙaro. Waɗannan bakwai ɗin kowannensu N3,225 ya ci, fiye da ninki biyu na abin da zai bari. Duk lokacin da za a ƙara kuɗin talla, wannan ne lissafin da ya kamata a yi: ƙarin kuɗin a kan ƙarin mutanen, ba jimla a kan jimla ba.

Dalilin yana kan allo. Layin Frequency, mai nuna sau nawa mutum ɗaya ya ga tallar, ya haura 3 kafin mako ya ƙare. Unguwanni shida muka zaɓa, masu sha'awar garin ɗanwake na leda a cikinsu suna da iyaka, ƙarin kuɗin ya tafi ne wajen sake nuna bidiyon ga waɗanda suka riga suka gani suka wuce. Rijiyar ƙarama ce, in aka yawaita guga sai a fara ɗebo laka. Mun koma N3,000, Yaya kuma za ta ɗauki sabon bidiyo.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Wata biyu ke nan da rufe zagayen farko, lokaci ya yi da za a duba mutum 25 ɗin nan. Hujjar da kowa ke kawowa idan talla ta faɗi a odar farko ita ce ai za su dawo. A kayan abinci magana ce mai tushe, domin gari yana ƙarewa. Amma sai an ƙirga.

Tara cikin 25 suka dawo, wasu sau ɗaya wasu sau biyu, jimlar oda 14, kusan duk leda bibbiyu. Kowace ta bar N800, babu kuɗin talla a kanta, jimla N11,200. Giɓin N17,750 ya koma N6,550. Ana buƙatar irin wannan oda 23 kafin ya rufe, muna da 14. Idan taran nan suka ci gaba kamar yadda suke, zai rufe wajen ƙarshen Disamba ko a Janairu. Ke nan kuɗin da ya fita a Satumba sai ya yi wata huɗu a waje kafin ya dawo gida, kuma a watannin nan ba a sari wake da shi ba. Babban kamfani zai iya jira. Yaya da jarinta bai wuce buhunan da ke ɗakin ajiya ba, jiran nan yana da nauyi a kanta, musamman yanzu da kaka ta yi kuma lokacin saye a ajiye ne.

Daga wannan na fitar da iyakar da za mu riƙa bi. Idan aka raba N11,200 a kan duka 25, har da 16 da ba su dawo ba, kowane sabon kwastoma yana ƙara kimanin N450 cikin wata biyu. A haɗa da N1,550 na odar farko, N2,000 ke nan. Duk zagayen da kuɗin samo mutum ya wuce N2,000 za mu tsayar da shi, wanda ya tsaya ƙasa da N1,550 kuwa ya biya kansa tun ranar farko. Da wannan ma'auni zagaye na biyu yana ciki, na ukun ya fita. N450 ɗin daga mutanen zagayen farko aka samo shi, masu sayen leda ɗaya ko biyu. Waɗanda suka ɗauki leda uku za su daɗe kafin garinsu ya ƙare, don haka sai farkon Disamba zan buɗe shafinsu in ga ko sun kai haka.

Akwai kuma kuɗin da ke fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba: ɗan alawus na mai amsa saƙo, data, da hayar ɗakin ajiya, N60,000 a wata. Tallar da ta tashi ba riba ba faɗuwa ba ta biyan ko kwabo a cikin wannan. Oda mai barin N800 guda 75 ake buƙata a wata don rufe shi, kuma daga tsofaffin kwastomomi da masu dawowa za su fito. A Oktoba mun yi 61. Shi ya sa aikin makon nan ba na Ads Manager ba ne. Na fitar da sunayen 16 da ba su dawo ba, Yaya za ta tura wa kowannensu gaisuwa da muryarta ta tambayi yadda garin ya yi musu, domin wannan kuɗin data kawai zai ci.

Sabon wake ya shigo kasuwa, sarin wannan makon ya sauke kuɗin kayan haɗi daga N1,500 zuwa N1,320 a leda. Ribar leda ta koma N730, haɗin N8,700 zai bar N2,490, ROAS na mayar da uwa a kansa ya sauko zuwa 3.5. Yaya ta tambaya ko za ta rage farashi tunda wake ya sauko. Na ce ta bar shi a N2,500, domin zuwa bazara waken zai koma sama, kuma ɗaga farashi bayan an sauke shi ya fi barinsa wuya. Zagaye na huɗu zai tashi Litinin da sabon bidiyo, N3,000 a rana, kuma na sabunta takardar kuɗin leda da farashin yau kafin in sa masa iyaka.